Yadda Ɗan Haya Zai Rubuta wa Mai Gida Wasiƙar Gyaran Lissafin Bashin Haya da Kuɗin Hidima

Masu karatu da dama, musamman mazauna rukunin gidaje a Abuja da Kaduna da Kano, suna ta maimaita tambaya ɗaya: ejan ya miƙo takarda mai cewa ana bin su bashin haya da kuɗin hidima, wato sabis caj, sun san akwai saura a kansu, amma adadin da aka rubuta ya zarce abin da suka sani nesa ba kusa ba. Me za su rubuta, kuma ta ina za su fara?

Wasiƙar da ke aiki a irin wannan hali ita ce wadda ta raba kuɗin gida biyu: abin da ka yarda ana bin ka, da abin da ka ce kuskuren lissafi ne, kowane layi da hujjarsa. Za mu bi matakan da misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na koyarwa ne, sai ka sa naka a gurbinsu.

Ga misalin. Bene ne mai fulat 8 a Abuja. Shekarar hayar ɗan hayan tana farawa ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris. A shekarar 2023/2024 hayar Naira 1,800,000 ce, a 2024/2025 aka mayar da ita Naira 2,400,000. Ran 10 ga Afrilu, 2025 ejan ya kawo takarda mai cewa bashin haya Naira 1,045,000, cikon kuɗin hidima Naira 450,000, jimilla Naira 1,495,000.

Mataki na 1: Karɓi takardar, ka rubuta ranar da ta iso

Kada ka ƙi karɓa. Ƙin karɓa ba ya goge bashi, sai dai ya sa a ce kana gudu. Idan an ce ka sa hannu a kwafin ejan, rubuta da hannunka sama da sa hannun: “Na karɓi wannan takarda yau, ban amince da lissafin ba tukuna,” sannan kwanan wata. Ɗauki hoton kwafin nasa bayan ka rubuta.

Gargaɗi: kada ka yi shiru. A harkar kasuwanci, kotunan Najeriya kan ɗauki rashin amsa takardar neman bashi a matsayin alamar an yarda da abin da ke cikinta. Kira a waya ko tsayawa da ejan a bakin get bai isa ba, domin ba ya barin shaida. Idan takardar ta ba da wa'adi, amsa kafin ya cika. Idan ba ta bayar ba, kada ka wuce mako guda.

Mataki na 2: Tara kayan aiki

Kana buƙatar yarjejeniyar haya da duk takardar sabuntawa ko ta ƙarin kuɗi, rasit ɗin da aka taɓa ba ka, takardar bayanan asusun bankinka ta duk tsawon lokacin da ake magana a kai, saƙonnin da kuka yi da ejan, da takardar kuɗin hidima ta bara idan an taɓa ba ka. Sai kalkuleta, biro mai launi biyu, da kwafin takardar ejan wanda za ka yi zane a kansa. Ainihin takardar ka adana ta ba ko ɗigo.

Kuɗin da za ka kashe ba shi da yawa. Yawancin bankuna suna turo bayanan asusu ta manhajarsu ko ta imel. Idan kana son wanda aka buga aka sa masa hatimi, jagoran cajin bankuna na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a 2020 ya ƙayyade Naira 20 a kowane shafi. Saura kuɗin hoto da na aikawa.

Gargaɗi: hoton alat a waya shaida ce mai rauni, domin kowa ya san ana iya ƙirƙirarsa. Nemo cikakken rasit na tiransifa daga manhajar bankin, wanda ke ɗauke da sunan wanda aka tura wa da lambar da aka rubuta `Session ID` a gabanta. Da wannan lamba bankin mai gida zai iya gano kuɗin a asusunsa.

Mataki na 3: Yi naka lissafin kafin ka sake duba nasu

A nan mutane da yawa ke yin kuskure: sai su ɗauki takardar ejan su fara neman inda ya ɓata. Idan ka fara daga takardarsa, za ka gaji tsarinsa da kurakuran da ke ɓoye a cikin tsarin. Kife ta, ka ɗauko farar takarda ka ja layi a tsakiya. Hagu abin da ya wajaba ka biya bisa yarjejeniya, dama abin da ka biya bisa shaidar banki ko rasit. Abin da ba ka da shaidarsa kada ya shiga dama tukuna, rubuta shi a gefe.

A misalinmu, hagu akwai Naira 1,800,000 da Naira 2,400,000, jimilla Naira 4,200,000. Dama kuma akwai biya biyar:

- Afrilu 2023: Naira 1,000,000
- Satumba 2023: Naira 800,000
- Afrilu 2024: Naira 1,200,000
- Agusta 2024: Naira 400,000
- Nuwamba 2024: Naira 350,000

Jimillarsu Naira 3,750,000. Idan aka cire daga Naira 4,200,000, bashin haya na gaskiya Naira 450,000 ne. Tara lambobin sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama. Mai amfani da Excel, idan biyan suna cikin C2 zuwa C6, wajibin kuma B2 da B3, ya rubuta:

```
=SUM(B2:B3)-SUM(C2:C6)
```

Kuɗin hidima a yi masa takarda dabam. Kada ka gauraya shi da haya ko da asusu ɗaya kake tura su.

Mataki na 4: Gano kowane kuskure har bambancin ya ƙare

Yanzu buɗe takardar ejan. Ya ce Naira 1,045,000, kai ka samu Naira 450,000, bambanci Naira 595,000. Aikinka shi ne ka gano daga ina kowace Naira ta wannan bambanci ta fito. Muddin akwai ragowar da ba ka bayyana ba, ko dai akwai kuskuren da ba ka gano ba, ko kuwa kuskuren naka ne, kuma gara ka gano shi a ɗakinka da a nuna maka shi a ofishin lauya.

Fara da ɓangaren wajibi. Ejan ya rubuta Naira 4,350,000 a inda ka samu Naira 4,200,000. Dalili shi ne littafinsa yana tafiya ne daga Janairu zuwa Disamba, sai ya fara sabon farashi daga Janairu 2024, alhali takardar sabuntawa ta ce daga 1 ga Afrilu. Tsohon farashi Naira 150,000 ne a wata, sabo Naira 200,000. Ƙarin Naira 50,000 a wata uku ya ba da Naira 150,000. Wannan kuskure yana yawan faruwa duk inda shekarar haya ba ta yi daidai da shekarar kalanda ba. Alamarsa ita ce bambancin yana rabuwa daidai da ƙarin wata ɗaya, ba ragowa.

Sai ɓangaren biya. Bi layi bayan layi, kana sa alama da jan biro a duk biyan da ya bayyana a takardu biyun. Biyan Agusta na Naira 400,000 babu shi sam a takardar ejan. Da aka duba, ɗan hayan yana tafiya a lokacin, ƙaninsa ne ya tura daga asusunsa, sunan da ya fito a alat ɗin mai gida ba na ɗan haya ba ne, mai shigar da lissafi bai san na wane fulat ba ne. Irin wannan na faruwa da kuɗin da aka tura ta wurin mai POS, domin sunan mai shagon ne ke fitowa.

An gano Naira 550,000 ke nan, saura Naira 45,000. Ga wata dabara da masu lissafin kuɗi ke amfani da ita: idan ragowar tana rabuwa da 9 ba saura, nemi inda aka juya lambobi biyu. Naira 45,000 a raba 9 ya ba da 5,000 cif. Da aka duba, biyan Nuwamba na 350,000 an shigar da shi 305,000. Dabarar tana kama mantuwar sifili ma, kamar a rubuta 40,000 a maimakon 400,000. Yanzu 150,000 da 400,000 da 45,000 sun haɗa 595,000, lissafin haya ya rufe.

Kuɗin hidima ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan kuskure kan hau kan kuskure. Takardar ta lissafa albashin masu gadi Naira 1,440,000, man janareto Naira 3,600,000, kwasar shara Naira 360,000, gyaran famfon burtsatse Naira 600,000, sannan a ƙasa aka rubuta jimilla Naira 6,300,000. Tara su da kanka: Naira 6,000,000 ne. Akwai Naira 300,000 da ba ta da layi. Wataƙila kuskuren tarawa ne, wataƙila akwai wani abin da aka cire daga jerin aka manta ba a gyara jimillar ba. Kai ba sai ka yi hasashe ba, nuna kawai cewa layukan ba su kai jimillar ba.

Daga nan ejan ya raba Naira 6,300,000 gida 6, domin fulat biyu babu kowa a ciki, ya samu Naira 1,050,000, ya cire Naira 600,000 da ɗan haya ya ajiye a farkon shekara, ya ce ciko Naira 450,000. Amma yarjejeniyar ta ce kason wannan fulat ɗaya bisa takwas ne na abin da aka kashe. Naira 6,000,000 a raba 8 ya ba da Naira 750,000, a cire ajiyar Naira 600,000, ciko Naira 150,000.

Gargaɗi: rabawa gida 6 ko gida 8 magana ce ta abin da yarjejeniya ta faɗa, kuma ba kowace yarjejeniya ce ta faɗi abu ɗaya ba. Wata takan ce a raba tsakanin mazauna, wata takan raba bisa girman fulat, wata kuma tsayayyen kuɗi ta yanka a shekara ba ruwanta da abin da aka kashe. Karanta sakin layin da idonka, ka kwafe shi kalma da kalma. Idan taka ta ce tsakanin mazauna, to rabon ejan daidai ne, kuskuren tarawa kaɗai za ka riƙe: Naira 6,000,000 gida 6, wato Naira 1,000,000. Idan kuma ba ta ce komai ba, rubuta cewa ba ka amince ka ɗauki kason fulat ɗin da babu kowa ba, amma ka sani wannan abin tattaunawa ne, bai kai ƙarfin sauran ba.

Kafin ka bar takardar, duba ko an ɗora tara ta jinkirin biya. Idan babu ita a yarjejeniya, sa ta cikin abin da ba ka amince da shi ba. Idan akwai, tabbatar a kan bashin gaskiya aka lissafa ta, domin tarar da aka ɗora a kan adadi mai kumburi ita ma ta kumbura.

Mataki na 5: Yanke shawarar abin da za ka amsa a rubuce

Naira 450,000 na haya da Naira 150,000 na hidima sun haɗa Naira 600,000. Abin da ake jayayya a kansa Naira 895,000 ne. Shawararmu ita ce ka faɗi Naira 600,000 ɗin ƙarara a wasiƙar. Ɗan hayan da ya musanta komai alhali bankinsa ya nuna akwai saura ya zubar da ƙimar sauran maganarsa, kuma mai gida ya fi sauraron wanda ya fara da “ga abin da ke kaina.”

Gargaɗi: abin da ka amsa a rubuce shaida ce a kanka, da wuya ka janye daga baya. Don haka kada ka rubuta adadi sai ka tabbatar da shi, kuma kada ka yi amfani da kalmomi irin su “kusan” ko “wajen”. Wasu kan rubuta `WITHOUT PREJUDICE` a saman kowace wasiƙa don sun ga lauyoyi na yi. Wannan rubutu na tayin sulhu ne, yana hana a gabatar da takardar a kotu a matsayin shaida. Wasiƙar gyaran lissafi kuwa so kake alƙali ya gan ta idan ta kai ga haka, saboda haka bar ta a buɗe. Idan daga baya za ka yi tayin a haɗu a tsakiya, wannan takarda ce ta dabam.

Mataki na 6: Rubuta wasiƙar

Ga mai gida za ka rubuta, ka ba ejan kwafi, sai dai idan yarjejeniya ta ce duk takarda ta bi ta hannun ejan. Shafi ɗaya zuwa biyu ya isa. Kowane kuskure ya samu lambarsa, kuma a cikinsa a ga abu huɗu a jere: abin da takardarsu ta ce, abin da ya kamata, bambancin, da shaidar da ka haɗa. Idan ejan ko lauyan mai gida ba ya jin Hausa, yi ta da Turanci da tsari iri ɗaya, lambobi iri ɗaya. Ga samfuri:

> 17 ga Afrilu, 2025
>
> Zuwa ga mai gida: (suna da adireshi)
> Kwafi: (ejan)
>
> Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Alhaji,
>
> GYARAN LISSAFIN HAYA DA KUƊIN HIDIMA, FULAT NA 5
>
> Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi takardar lissafi mai kwanan wata 10 ga Afrilu, 2025, wadda ta nuna ana bi na Naira 1,495,000. Na bi ta layi bayan layi da yarjejeniyarmu da bayanan banki. Abin da na samu a kaina Naira 600,000 ne: Naira 450,000 na haya, Naira 150,000 na hidima. Ragowar Naira 895,000 ban amince da ita ba, saboda dalilai kamar haka.
>
> 1. An lissafa sabon farashi daga Janairu 2024. Takardar sabuntawa ta ce daga 1 ga Afrilu, 2024. Ƙarin Naira 50,000 a wata uku, bambanci Naira 150,000. (Shaida A)
>
> 2. Ba a shigar da Naira 400,000 da aka tura a Agusta 2024 ba. Ƙanina ne ya tura a madadina daga asusunsa, shi ya sa sunansa ya fito. Bambanci Naira 400,000. (Shaida B)
>
> 3. Biyan Nuwamba 2024 Naira 350,000 ne, an rubuta Naira 305,000. Bambanci Naira 45,000. (Shaida C)
>
> 4. Layuka huɗu na kuɗin hidima sun haɗa Naira 6,000,000, an rubuta Naira 6,300,000, aka kuma raba gida 6. Sakin layi na 7 na yarjejeniya ya ce kasona ɗaya bisa takwas ne, wato Naira 750,000. Na riga na ajiye Naira 600,000. Ciko Naira 150,000 ne a maimakon Naira 450,000. Bambanci Naira 300,000. (Shaida D da E)
>
> Ina roƙon a duba waɗannan, a aiko mini da gyararren lissafi cikin kwana 14, tare da kwafin rasit na man janareto da na gyaran famfo. Idan akwai wani biya ko kashewa da ban sani ba, a nuna mini takardarsa, zan duba.
>
> Yau na tura Naira 450,000 a matsayin cikon hayar 2024/2025, da Naira 150,000 a matsayin cikon kuɗin hidima na 2024/2025 (Shaida F). Ina roƙon rasit dabam-dabam. Wannan wasiƙa ba ta shafi hayar shekarar da ta fara 1 ga Afrilu, 2025 ba.
>
> Na gode. Allah Ya ƙara girma.
>
> (sa hannu, suna, lambar fulat)

Lura da abin da babu a cikinta. Babu kalmar cuta ko zamba ko sata, ko da zuciyarka na raya maka da gangan aka yi. Zargi irin wannan a rubuce yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, kuma yana sa ejan ya kafe don kare mutuncinsa, alhali “an rubuta” ta ba shi ƙofar gyarawa ba tare da kunya ba. Babu kuma koken rufin da ke yoyo, ko tsadar man janareto, ko maƙwabcin da ke tare hanya da mota. Waɗannan na iya zama gaskiya, amma da zarar sun shiga, amsar da za ta dawo a kansu za ta tsaya, a bar lambobin. Yi musu wasiƙarsu dabam.

Idan ba ka da halin biyan Naira 600,000 a ranar, canza sakin layin ƙarshe ka faɗi ranakun da za ka biya da adadin kowace rana. Kada ka rubuta ranar da ka san ba za ka iya cikawa ba.

Game da neman rasit ɗin abin da aka kashe: a Legas, Dokar Haya ta 2011 ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit na dabam a kan kuɗin hidima, ya kuma ba ɗan haya bayanin yadda aka kashe kuɗin a rubuce aƙalla duk wata shida, ko da yake dokar ta ware Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island. Mazaunin Agege ko Mile 12 zai iya ambatonta a wasiƙarsa. Wanda ke wata jiha kada ya jingina da ita, ya dogara da yarjejeniyarsa.

Mataki na 7: Biya ta hanyar da za ta faɗi abin da aka biya

Tura kuɗin kashi biyu, ko da asusu ɗaya ne. A wurin bayanin tiransifa rubuta, misali, “Cikon haya 2024/2025 Fulat 5”, na biyun kuma “Cikon hidima 2024/2025 Fulat 5”. Dalilin yana da muhimmanci. A ƙa'idar bashi, mai biya ne ke da haƙƙin faɗin wane bashi kuɗinsa ya tafi, amma a lokacin biyan. Idan ya yi shiru, mai karɓa ne zai zaɓa. Ejan zai iya kwashe Naira 450,000 ya cike kuɗin hidimar da kake jayayya a kansa, ya bar haya a matsayin bashi, kuma bashin haya shi ne wanda ya fi saurin zama hujjar neman a tashe ka.

Gargaɗi: tura zuwa asusun da yarjejeniya ta ambata, ko wanda mai gida ya ba da a rubuce. Kada ka ba maigadi ko yaron ejan tsabar kuɗi. Idan aka dawo maka da kuɗin, ajiye shaidar turawa da ta dawowar, ka bar kuɗin a asusu ba tare da taɓawa ba, ka rubuta layi biyu cewa suna nan a shirye.

Mataki na 8: Miƙa ta yadda ba za a ce ba ta iso ba

Buga kwafi uku, kowanne da shaidunsa masu harafi A zuwa F a kusurwar sama. Kwafin shaidu za ka haɗa, ainihin rasit ba ya barin hannunka. A takardar banki rufe sauran mu'amalolinka da baƙin biro kafin ka yi hoto, ka bar layin da ake buƙata da sunanka da kwanan wata. Rasit ɗin ƙaninka kuma ka nemi izininsa kafin ka haɗa.

Kai da hannu, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata ya sa hannu a kwafinka. Idan ya ƙi, aika ta kamfanin aika saƙo mai ba da shaidar isarwa, ka ajiye takardarsu. Bayan haka tura hoton wasiƙar ta WhatsApp ko imel a matsayin ƙari. Idan akwai mutunci tsakaninka da mai gidan, kira shi kafin takardar ta isa, ka ce, “Alhaji, akwai ɗan saɓani a lissafin da aka kawo, na rubuto don a duba.” Dattijo ba ya jin daɗin takarda ta faɗo masa ba sallama, kuma sau da yawa shi kansa bai ga lissafin da aka aiko da sunansa ba.

Mataki na 9: Bayan kwana 14

Idan gyararren lissafi ya zo, sake bin sa da kalkuleta kamar na farko, domin wajen gyara ɗaya akan ɓata wani. Nemi a rubuta cewa babu sauran bashi har zuwa 31 ga Maris, 2025.

Idan sun amince da wasu sun ƙi wasu, amsa a kan waɗanda suka rage kaɗai, da lambobinsu na asali. Galibi na 2 da na 3 kan warware nan take da zarar an duba asusu, na 4 ne ke jan lokaci. Idan suka kawo rasit na Naira 300,000 ɗin da ba ta da layi, kuma aikin yana cikin abin da yarjejeniya ta ɗora wa 'yan haya, kasonka ɗaya bisa takwas ne, Naira 37,500, sai ka biya. Idan kuwa gyaran gini ne kamar rufi ko katanga, duba ko yarjejeniya ta bar shi a wuyan mai gida.

Idan shiru ne, aika tunatarwa ta layi uku mai ambaton ranar wasiƙar farko. Daga nan sai sulhu: shugabannin ƙungiyar mazauna rukunin, ko wani dattijo da ku biyun kuke jin nauyinsa, ko cibiyar sulhu ta kotu, wadda ake da ita a Abuja da Kano da Legas. Tafi da takardar lissafinka ta Mataki na 3 da kwafin da aka sa wa hannu.

Gargaɗi: wasiƙar nan ba ta tsayar da notis. A Abuja, mai hayar shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, sannan notis na kwana bakwai kafin a je kotu. Amma idan hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce kuma wa'adin ya cika, na kwana bakwai ɗin kaɗai ake buƙata. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko fitar da kaya ba tare da umarnin kotu ba. Duk da haka, ranar da notis na kwana bakwai ko sammaci ya iso hannunka, ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya ka kai wa lauya a ranar, ku yi cinikin kuɗin aikinsa kafin ya fara.